«CIF Lomé»: an biya kuɗin jirgi, amma asarar ta wa ce?

A Kodjoviakopé, unguwar Lome da ke jingine da iyakar Gana daura da Aflawo, za ka ji ɗan kasuwa yana cewa ya sayi kaya «har Lome», hankalinsa kwance. Sau da yawa abin da ke kan takardarsa shi ne CIF Lomé, kuma nan ake yin kuskure mai tsada.

Haruffan suna cikin ƙa'idojin Inkotams, waɗanda Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ta fara fitarwa a 1936. Bugun 2020 yana da ƙa'idoji 11. A CIF, mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar da aka ambata. Sai dai alhakin asara ba ya rakiyar kuɗin jirgi. Da zarar kaya sun hau jirgi a tashar lodi, duk abin da ya same su a wuyan mai saye yake.

A ɗauka wani Alhaji ya sayi kwantenar atamfa ta sefa miliyan 20 daga Guangzhou. A teku igiyar ruwa ta bugi kwantenar, ruwa ya shiga ta bakin ƙofa. Aka buɗe a Lome, sai ga bandir-bandir sun jiƙe, rini ya zuba, sun yi fumfuna. Ya kira mai sayarwa. Shi kuwa ya nuna takardar lodi wadda kamfanin jirgi bai rubuta wani aibu a kanta ba. In ba a tabbatar cewa ɗaurin kayan ne ya yi sakaci da shi ba, ya fita, kuma kuɗinsa cif za a ba shi.

To inshorar fa? Gaskiya ne dole ta kai kashi 110 cikin 100 na farashi, wato miliyan 22. Amma CIF mafi ƙanƙantar kariya kawai ta wajabta, wadda ake kira sharuɗɗan C: gobara, nutsewar jirgi, karo, kafewa, ko jefa kaya a teku don ceton jirgin. Shigar ruwa cikin kwantena ba ta ciki, sata ma haka. Abin da ya rage wa Alhaji shi ne bin kamfanin jirgi, wanda diyyarsa ke da iyaka.

A ganina bai kamata mai kwantena ya karɓi CIF haka kawai ba, don an tsara ta ne domin kayan da ake ɗorawa kai tsaye a jirgi. CIP ta fi dacewa: alhaki yana komawa kan mai saye tun da aka miƙa kaya ga mai ɗauka na farko, amma tun 2020 inshorarta ta sharuɗɗan A ce, mafi faɗi. Wanda kuma yake son asarar hanya ta zauna kan mai sayarwa har kaya su iso, DAP zai nema, ya yarda farashi ya hau.

Ɗan'uwa, kafin ka tura kuɗi, nemi takardar inshorar ka duba: A aka rubuta ko C?