Takardar Sakamako Ta Tsallaka Iyaka: Yadda Ake Fassara wa Iyaye Maki da Kalaman Malamai

Duk ƙarshen zangon karatu, hotunan takardun sakamako suna tashi daga Maraɗi da Damagaram da Tawa zuwa wayoyin iyayen da neman abinci ya kai su Kano, Legas, Akara ko Jidda. An rubuta takardar da Faransanci, harshen da mahaifin sau da yawa ba ya karantawa. Saboda haka sai a nemi wani ɗan lakwal a gida, yayan yaron ko ƙanen mahaifiyarsa, ya karanta ya tura bayani da murya. A kan wannan saƙo na minti biyu uban zai yanke shawarar ko ya ɗaukar wa yaro malamin darasi, ko ya yi masa faɗa, ko ya saya masa keken da ya yi alkawari. Idan saƙon ya kauce wa abin da ke rubuce, shawarar ma ta kauce.

Kuskuren farko yakan faru tun kafin a kai ga maki, a wurin sunan aji. Makarantun sakandaren Nijar sun gaji tsarin Faransa, inda ake ƙirga azuzuwa daga sama zuwa ƙasa. Yaron da ya gama firamare yana shiga aji na 6, daga nan ya wuce na 5, sai na 4, sai na 3, inda yake zana jarrabawar BEPC. A Najeriya kuwa ƙirgar hawa take yi, daga aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare. Uban da ya daɗe a Kano, idan aka ce masa ɗansa da ke aji 4 zai shiga aji 3 baɗi, yana iya ɗauka mayar da shi baya aka yi. Mai fassara na kirki yana faɗin sunan ajin yadda yake a takarda, sannan ya ƙara da cewa wannan ita ce shekararsa ta uku a sakandare, saura ɗaya ya zana jarrabawa.

Sai batun maki. A Nijar ana auna kowane darasi bisa 20, kuma 10 ita ce iyakar da ta raba wanda ya kai da wanda bai kai ba. A Najeriya an saba da maki bisa 100, tare da matakan hukumar WAEC da makarantu da yawa ke kwaikwayo: A1 ga wanda ya samu 75 zuwa sama, C6 daga 50 zuwa 54, D7 daga 45 zuwa 49, E8 daga 40 zuwa 44, sai F9 ga wanda bai kai 40 ba. Abin da ya fi saurin zuwa wa mutum shi ne ya ninka makin Nijar sau biyar don ya koma bisa 100. Lissafin daidai ne, amma hukuncin da ke bayansa ya sauya. Yaron da ya samu 9 bisa 20 ya koma mai 45, wato D7, matakin da a Najeriya ake ɗauka an tsallake ko da da ƙyar. A makarantarsa ta Maraɗi kuwa bai kai ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓuya. A takardar Nijar, kusa da kowane darasi akwai wata 'yar lamba da ke nuna nauyinsa, kuma da ita ake ninka makin kafin a fitar da matsakaicin makin yaro gaba ɗaya. A ɗauki misalin wani yaro ɗan aji 4, a taƙaita a darussa biyar don sauƙi. Ya samu 6 a lissafi mai nauyi 3, ya samu 9 a Faransanci mai nauyi 3, 12 a tarihi da labarin ƙasa mai nauyi 2, 11 a Turanci mai nauyi 2, sannan 17 a motsa jiki mai nauyi 1.

Idan mai fassara ya tsallake layin nauyi, ya tara makin nan biyar, zai samu 55. Ya raba gida biyar, ya samu 11, ya shaida wa uba cewa yaro ya haye. Makarantar ba haka ta lissafa ba. Ta ninka kowane maki da nauyinsa, ta samu 18 da 27 da 24 da 22 da 17, jimla 108. Ta raba da jimlar nauyin, wato 11, sai ya ba da 9,82. Yaron yana ƙasa da 10, kuma darussa biyun da suka fi nauyi su ne suka ja shi ƙasa. Makin motsa jikin da ya fi kowanne daɗin faɗa shi ne mafi ƙarancin tasiri. Wannan waƙafin da ke cikin 9,82 shi ma abin lura ne: a rubutun Faransanci shi ne ke tsayawa a madadin ɗigon da 'yan Najeriya suka saba gani, don haka lambar tara ce da ɗoriya.

Saƙon da ya riƙe amana zai kasance kamar haka: “Baba, matsakaicin makinsa 9,82 ne bisa 20. A makarantarsu 10 ake nema, saboda haka ya gaza da kaɗan. Lissafi ya samu 6, Faransanci 9, kuma su ne darussan da suka fi nauyi.” An bar lambar yadda take, an faɗi ma'aunin, an faɗi iyaka. Idan takardar ta nuna matsayin yaro a aji, a faɗe shi tare da yawan ɗaliban, domin na 15 cikin 20 daban yake da na 15 cikin 80. Wasu takardun suna nuna matsakaicin makin ajin gaba ɗaya, kuma wannan yana da amfani ƙwarai: maki 9 a darasin da yawancin aji suka samu 7 ba abin tayar da hankali ba ne kamar 9 a inda kowa ya samu 13.

Kalaman malamai sun fi lambobi santsi. Da yawa daga cikinsu ba ra'ayin malami ba ne kawai, matakai ne na tsani da aka san iyakarsu. A tsarin Faransanci, kalmar da 'yan lakwal ke furtawa “pasabil” tana tafiya da maki 10 zuwa ƙasa da 12, ma'anarta an kai iyaka kawai. “Ase biyan” ta kama daga 12 zuwa ƙasa da 14, “biyan” daga 14 zuwa ƙasa da 16, “tire biyan” kuma daga 16 zuwa sama. Matsalar ita ce mai fassara yakan zuba dukkansu cikin kalma ɗaya, ya ce “ya yi ƙoƙari”. A bakin Bahaushe wannan magana tana ɗaukar wanda ya zo na ɗaya, tana kuma ɗaukar wanda ake lallashi. Gara a tsayar da kalma ɗaya ga kowane mataki, misali “ya tsallake da ƙyar”, “ba laifi”, “da kyau”, “da kyau ƙwarai”, a kuma riƙe su haka daga darasi na farko har na ƙarshe, daga wannan zango zuwa na gaba. Ta haka ne uba zai gane ko ɗansa hawa yake yi ko sauka.

Akwai wata gajeriyar magana da malamai ke yawan rubutawa, a Faransanci da Turanci duka, wadda ma'anarta ita ce yaro zai iya fin haka. A kunnen wanda bai saba ba tana kama da yabo, har wasu kan mayar da ita “malam ya ce yana da ƙwaƙwalwa”. Rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin shi ne malam bai gamsu da aikin da ya gani ba. Fassarar da ta dace ita ce: “malam ya ce abin da ya yi bai kai iyawarsa ba.”

Haka kuma dole a raba maganar aiki da maganar hali, domin makaranta ta raba su. Majalisar malaman aji tana iya ba ɗalibi yabo, ko ƙarfafa gwiwa, ko ta sa shi a allon girmamawa, tana kuma iya ba shi gargaɗi, kuma gargaɗin yakan zo da bayanin ko a kan aiki ne ko a kan ɗabi'a. Idan malam ya rubuta cewa yaro yana da surutu a aji, surutun za a faɗa. Wanda ya mayar da shi “ba ya jin magana” ko “ba shi da tarbiyya” ya ɗora wa yaro laifin da malam bai ɗora masa ba, kuma a gidan Bahaushe wannan magana tana da nauyin da zai iya jawo duka.

Sassautawa ta fi tsanantawa yawa, kuma dalilinta sananne ne. Mai fassarar ɗan gida ne. Yana jin nauyin kawunsa, yana tausayin ƙanensa, yana tsoron kada uba ya fusata ya daina turo kuɗin makaranta, ko ya ce a cire yarinya tunda ba ta ja. Sai ya tsallake layin da malamin lissafi ya yi ƙorafi, ya daɗe a kan na motsa jiki, ya rufe da “sai dai a ci gaba da addu'a”. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakonta shi ne uba ba zai san akwai matsala ba sai ranar da aka ce yaro zai maimaita aji, lokacin da damar ɗaukar malamin darasi ta riga ta wuce. Mai fassara yana da damar ya roƙa wa yaro sassauci, sai dai ya fara isar da maganar malam, sannan ya ce: “wannan kuma tawa ce, ba ta makaranta ba.” Idan rubutun hannun malam bai karantu ba, ya faɗi haka, a koma makaranta a tambaya, kada ya cike gurbin da zato.

Uban da ke nesa yana da hanyoyin gane ko fassarar da aka yi masa ta cika, ko da bai iya harshen ba. Lambobi ba su da yare, don haka ya nemi hoton takardar gaba da baya, ya ƙirga layukan darussa, ya ga ko an yi masa bayanin kowanne. Ya nemo lambar matsakaicin maki a ƙasan takardar ya gwada ta da 10. Idan kalaman da ya ji duk masu daɗi ne alhali yana ganin 6 da 7 a jere, akwai abin da aka bari. Ya kuma tambayi layin fashi da makara, wanda masu fassara suka fi mantawa, ga shi kuwa sau da yawa shi ne ke bayyana dalilin faɗuwar maki.

Wannan duka fassarar cikin gida ce, don fahimtar iyaye. Idan za a mayar da yaro wata makaranta a ƙasar da uban yake zaune, saƙon murya ba zai wadatar ba. Makarantu da ofisoshi sukan nemi takardar asali mai hatimi, tare da fassarar wanda hukuma ta amince da shi. A nan ma ƙa'idar ba ta sauya ba: ana kwafe 9,82 bisa 20 yadda yake, makarantar da za ta karɓi yaron ita ce za ta yanke abin da ya yi daidai da shi a nata ma'aunin.

Ga wanda aka miƙa wa takarda a ƙarshen zangon nan aka ce ya karanta wa baba, ya fara da sunan aji da ma'aunin maki, ya bi darussa layi bayan layi tare da nauyinsu, ya faɗi kalaman kowane malami ba ragi ba ƙari, sannan ya tura hoton takardar tare da muryarsa don uban ya ajiye ya gwada da ta zango mai zuwa.