An Sayar da Gidan da Kake Haya: Ina Makomar Sauran Wa'adinka?

A ce wani tela a Kano ya kama hayar shago ta shekara 2, daga farkon Janairun 2025 zuwa ƙarshen Disambar 2026, ya biya naira 600,000 lakadan, aka ba shi rasit. A ƙarshen Yunin 2025 sai ga dillali tare da wani baƙo, suka ce an sayar da ginin, ya kwashe kekunansa cikin mako biyu. Da yawanmu, in mu ne, sai mu fara neman motar kwasar kaya, alhali kuwa doka ba ta ce a tashi ba.

Ƙa'idar da kotunan Nijeriya suke bi ita ce ciniki ba ya rushe hayar da ta riga shi. Ranar da mai gida ya karɓi kuɗin tela, ya riga ya sallama masa amfanin shagon na wata 24, kuma mutum ba ya sayar da abin da ya fita daga hannunsa. Abin da mai saye ya samu shi ne mallakar ginin, da haƙƙin karɓar kuɗin hayar da bai zo ba tukuna, da haƙƙin karɓar shagon idan wa'adi ya cika. Ya gaji tsohon mai gida ne da duk sharuɗɗan da ke kansa, don haka ba shi da ikon ƙara kuɗi ko rage wa'adi.

In ya ce bai san da haya ba fa? Doka tana ɗaukar zaman ɗan haya a wuri a matsayin sanarwa ga duk mai niyyar saye, domin wajibinsa ne ya je ya gani, ya tambayi wanda ya tarar a ciki. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fiƙihun Malikiyya ma nan ya dosa: hayar da aka yanke wa wa'adi ƙulli ce mai lizimta, ciniki ba ya warware ta, kuma mai sayen da aka ɓoye wa hayar yana da zaɓin fasa cinikin, amma ba korar ɗan haya ba.

Mu koma kan lissafi. Hayar telan ta kama naira 25,000 a wata. Ya ci wata 6, saura 18, wato naira 450,000. Wannan kuɗi magana ce tsakanin mai sayarwa da mai saye, yawanci a zare shi daga farashin ginin. Tela ba zai sake biya ba. Idan sabon mai ginin yana matuƙar son shagon yanzu, hanyarsa ita ce sulhu: ya mayar da kuɗin, ya ƙara abin da suka daidaita a kai, tela kuwa yana da damar ƙi.

Sai dai kariyar tana da iyaka. Da telan ɗan hayar shekara-shekara ne, wanda ba a yanke wa ranar fita ba, sabon mai gida na iya sallamarsa, amma ta hanyar da tsohon zai bi. In yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, dokokin yawancin jihohi sun tanadi notis na wata 6 ga mai hayar shekara, da na wata 1 ga mai hayar wata. Bayan ya ƙare sai a ba da na kwana 7, sannan a je kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. Cire rufi ko sauya kwaɗo ɗaukar doka ne a hannu. Haka kuma, in takardar haya ta ƙunshi sharaɗin cewa za ta ƙare idan an sayar da gidan, wannan sharaɗi yana aiki. Hayar da ta wuce shekara 3 kuwa tana buƙatar rubutu da rajista kafin ta yi cikakken ƙarfi.

Wurare biyu ne masu haya suka fi yanka wa kansu wuya. Na farko, su ci gaba da biyan tsohon mai gida bayan an sanar da su cinikin. Wannan biya ba ya sauke musu nauyi. Kafin ka miƙa wa kowa kwabo, nemi tsohon mai gida ya rubuta maka cewa ya sayar, da sunan wanda za ka riƙa biya. Na biyu, su sa hannu a kan "sabuwar yarjejeniya" ba tare da lauya ya duba ba. Sa hannun kan zama sallama tsohuwar, wata 18 su koma wata 6 da yardarka.

Ranar da dillali ya yi maka sallama da baƙo, kada ka yi gardama, kada kuma ka yi alkawarin tashi. Ɗauko rasit da takardar haya, ka nuna masa ranar da wa'adinka zai cika.