Gilashin Da Ke Sa Iska Ta Fashe: Abin Da Ke Faruwa A Iyakar Abubuwa Biyu Masu Tare Lantarki

A samu faranti biyu na ƙarfe masu sulɓi, a sa su fuskanci juna, a bar tazarar milimita 10 a tsakaninsu, babu komai a ciki sai busasshiyar iska. A haɗa su da wuta mai ƙarfin kilobolt 25. Ba za a ga tartsatsi ba, domin kowace milimita ta iskar tana ɗauke da kilobolt 2.5 ne kawai, ita kuwa iska tana jure kusan kilobolt 3 a kan kowace milimita kafin ta fashe ta ba wuta hanya.

To, sai wani ya ce bari ya ƙara tsaro. Ya ɗauko gilashi mai kaurin milimita 3, ya shimfiɗa shi a kan farantin ƙasa. Gilashi ya fi iska jure wuta nesa ba kusa ba, saboda haka hankali zai ce an samu ƙarin kariya. Amma da an mayar da wutar, sai iskar da ta saura ta fara tsartuwa, ana jin ƙararta, a cikin duhu ma ana ganin haske mai launin shuni. Gilashin bai huje ba. Iskar ce ta kasa, kuma shigowar gilashin ce ta ja mata.

Bayanin wannan abin mamaki yana cikin dokoki biyu da ke aiki a daidai layin da abubuwa biyu masu tare lantarki suka haɗu, ko iska da gilashi, ko mai da takarda, ko roba da kumfar da ta maƙale a cikinta.

Tun a 1837 Michael Faraday ya nuna cewa abin da ba ya barin wuta ta ratsa shi ba zaune yake kawai ba idan aka sa shi cikin filin lantarki. Ƙwayoyinsa ba sa barin wurarensu, amma kowace tana ɗan miƙewa, cajinta mai alamar tarawa ya karkata gefe ɗaya, mai alamar ɗebewa ya karkata ɗaya gefen. A can cikin abin, cajin kowace ƙwaya yana soke na maƙwabciyarta. A fuskar abin kuwa babu maƙwabciyar da za ta soke shi, sai a samu siririn shimfiɗin caji ɗaurarre, wanda ke rage ƙarfin filin da ke ciki. Yawan wannan ragewa shi ake aunawa da lambar da ake rubutawa ε. Idan aka kwatanta da sararin da babu komai, ta iska kusan 1 ce, ta man taransifoma kusan 2.2, ta robar da ake lulluɓe manyan kebul da ita 2.3, ta gilashi tana kamawa daga 5 zuwa 10 gwargwadon irinsa, ta ruwa kuwa kusan 80.

Wannan ne ya sa masana ke aiki da filaye biyu. Na farko shi ne E, wato ainihin turin da caji ke ji, kuma shi ne ke fasa abu idan ya yi yawa. Na biyu shi ne D, wanda James Clerk Maxwell ya ba matsayi babba a littafinsa na 1873. Dangantakarsu a yawancin kayan aiki mai sauƙi ce: D = εE. Amfanin D shi ne ba ruwansa da ɗaurarren caji. Cajin da ke da 'yancin tafiya kaɗai yake ƙirgawa, irin wanda wuta ta tara a kan farantin ƙarfe.

A bakin iyaka, ana raba kowane fili gida biyu: ɓangaren da ke ratsa iyakar a tsaye, da ɓangaren da ke kwance yana bin ta.

Dokar farko ta shafi na tsaye. A ƙaddara an ɗora wani ɗan gwangwani mai faɗi, marar tsayi, a kan iyakar, murfinsa yana cikin iska, gindinsa yana cikin gilashi. Dokar Gauss ta ce bambancin D da ya shiga da wanda ya fita daidai yake da 'yantaccen cajin da ke cikin gwangwanin. Idan aka matse tsayinsa har ya kusa ɓacewa, babu abin da zai fita ta gefe, sai murfi da gindi kawai suka rage. In dai babu 'yantaccen caji a kan iyakar, D na tsaye ɗaya ne a sama da ƙasa: ε₁E₁ₙ = ε₂E₂ₙ. Ma'anarsa ita ce dole E ya yi tsalle. Inda ε ta yi ƙanƙanta, a nan E zai yi girma.

Ga lissafin gilashin. A ɗauka lambarsa 6 ce. Filin da ke cikinsa zai zama kashi ɗaya cikin shida na wanda ke cikin iska, don haka kaurinsa na milimita 3 yana ɗaukar nauyin da rabin milimita ta iska za ta ɗauka. Iskar da ta rage milimita 7 ce. Kenan kilobolt 25 ɗin za a raba su ne a kan 7.5 maimakon 10, abin da ya ba da kilobolt 3.33 a kowace milimita ta iska. An haye 3. Gilashin ya ɗauki kusan kilobolt 1.7 kacal, ya bar wa iska 23.3 a wurin da ya fi na da ƙunci. Mai ƙarfin ya cinye wuri, ya sauke kayan a kan mai rauni.

Doka ta biyu ta shafi na kwance, kuma tushenta shi ne ba a samun aiki a banza. A ɗauki caji a ja shi a gefen iska, dab da iyakar, sannan a tsallaka a dawo da shi ta gefen gilashi zuwa inda aka fara. Da turin da ke kwance ya fi ƙarfi a gefe ɗaya, da an riƙa cin ribar makamashi a kowane zagaye har abada. Hakan ba ya yiwuwa, saboda haka E₁ₜ = E₂ₜ. A nan E ne ba ya canzawa, D kuma shi ke tsalle. Da mutumin nan ya tsayar da wani gilashi a tsaye, daga faranti zuwa faranti, da filin ya zauna a 2.5 a cikin gilashin da kuma iskar da ke gefensa. Gilashi ɗaya, wuta ɗaya, amma yadda aka ajiye shi ya sauya komai.

Idan filin ya zo a karkace, dokokin biyu suna aiki tare, sai layinsa ya lanƙwashe a kan iyakar bisa tan θ₁ / tan θ₂ = ε₁ / ε₂, inda ake auna kusurwa daga layin da ke tsaye a kan iyakar. Layin da ya taho ta iska da karkatar digiri 10 zai shiga wannan gilashi da karkatar kusan digiri 47.

Inda maganar ta daina zama ta aji ta koma ta unguwa shi ne a cikin kebul na kilobolt 11 da 33 da ke rarraba wuta a garuruwan Najeriya, da taransifomomin da suke ciyarwa. Babban abokin gabar waɗannan kayan shi ne ɗan gurbin iska a cikin abin da ke tare wutar, kuma siffar gurbin ita ke nuna wace doka ce za ta yi masa hukunci. A ce filin da ke cikin robar kebul kilobolt 2 ne a kowace milimita. Siririn gurbi mai kama da allura, wanda ya miƙe tare da filin, yana ƙarƙashin doka ta biyu: filin cikinsa 2 ne, bai ƙaru ba. Kumfa mai siffar ƙwallo tana ganin 3ε/(2ε+1) na filin da ke kewaye da ita, wato kusan 2.5. Amma gurbi mai faɗi kamar faifai, wanda ya gitta wa filin, irin wanda ake samu idan roba ta ɗage daga jikin waya, yana ƙarƙashin doka ta farko gaba ɗaya: 2 sau 2.3, wato 4.6. Shi ne mafi sharri, kuma abin takaici shi ne wanda sakacin hannu ya fi haifarwa a wurin haɗa kebul, idan wuƙa ta zarce ko ba a matse abin lulluɓi ya zauna sosai ba.

Akwai sassauci guda. Friedrich Paschen ya nuna a 1889 cewa ƙaramar tazara tana jure fili mai ƙarfi fiye da babba, don haka ba kowane gurbi ne ke fashewa da ya haye 3 ba. Wanda ya fashe kuwa ba ya kashe kebul nan take. Ɗan tartsatsi ne yake tashi a cikin gurbin ya mutu, sannan ya sake tashi, domin wuta mai juyawa sau 50 a daƙiƙa tana kai wa ƙololuwa sau 100 a daƙiƙa. Kowane tartsatsi yana ɗan cin bangon gurbin. A hankali sai wasu siraran hanyoyi su tsiro a cikin robar, masu rassa kamar bishiya, suna ci gaba wata da watanni, wani lokaci shekaru, har su haɗa waya da ƙasa. Ranar da abin ya fashe, jama'a za su ɗora laifin a kan zafi ko ruwan sama na ranar, alhali ɓarnar ta daɗe tana tafiya.

Ana iya kama ta kafin nan. Akwai na'urorin da ke auna ɗan cajin da kowane tartsatsi ke motsawa, da masu sauraron ƙarar da kunnen mutum ba ya ji. A taransifoma ana ɗibar mai a kai ɗakin gwaji, kuma yawan iskar haidurojin da ta narke a cikinsa alama ce ta irin wannan tartsatsi. A can ma dokar farko ce ke aiki: kwalin da ya sha mai lambarsa ta kai kusan ninki biyu na ta man, saboda haka man ne ke ɗaukar fili mafi ƙarfi, kumfa a cikin man kuma ta fi shi. Shi ya sa ake busar da manyan taransifomomi, a zuƙe iskar cikinsu kafin a zuba mai, a kuma bar su su huta kafin a ba su wuta.

Sharaɗin da aka gindaya tun farko, cewa babu 'yantaccen caji a kan iyakar, ba kullum yake cika ba. Cikakkiyar dokar ita ce bambancin D na tsaye a ɓangarorin biyu daidai yake da σ, wato yawan 'yantaccen cajin da ke kwance a wurin. Babu abin da ke tare wuta ɗari bisa ɗari, kowanne yana ɗan yoyo. A wuta mai juyawa cajin ba ya samun lokacin taruwa, sai ε ta yi mulki. A wuta mai tafiya hanya ɗaya kuwa, yoyon yana tara caji a kan iyakar sannu a hankali, har rabon filin ya koma bin tsaurin kowane abu wajen hana wuta wucewa, wanda shi kuma yana sauyawa sosai da zafi. Don haka kebul ɗin da aka ƙera domin irin wannan wuta lissafinsa daban ne, kuma ko bayan an kashe shi, cajin da ya taru a cikinsa yakan daɗe bai fita ba, sai an haɗa shi da ƙasa an jira kafin hannu ya taɓa.