Inda Kobo Ke Ɓacewa a Cikin Kwamfuta

Mutum uku sun yi cinikin haɗin gwiwa, sun ci ribar naira 100. In da hannu za a raba, kowa ya ɗauki naira 33, sauran naira ɗaya a yi shawara a kanta. Kwamfuta kuwa ba ta shawara. Idan mai rubuta manhaja ya ajiye kuɗin a matsayin cikakkiyar lamba, wadda ake rubutawa `int` a harsuna irin su Java da C, to 100 a raba uku 33 ce, ragowar kuma a watsar ba tare da an sanar da kowa ba. A tara kason mutum ukun, sai a ga 99.

Abin ya fi muni idan aka zo kan haraji. Harajin kayayyaki a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari, wato 75 cikin 1000. Wanda ya fara raba 75 da 1000 a lissafin cikakkun lambobi sifili zai samu, don haka harajin kowane kaya ya zama sifili. Wanda ya fara ninkawa ya ɗan tsira: kayan naira 199 sau 75 ya ba da 14,925, a raba da 1000 a samu naira 14. Amma amsar gaskiya 14.925 ce, kusan naira guda ta zube ke nan a rasiti ɗaya. Kuma kullum gefe ɗaya take zubewa, shi ya sa asarar ke taruwa.

Kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta ɗanɗana irin wannan. A 1982 ta buɗe ma'aunin farashinta a kan 1000. Duk lokacin da aka sabunta lissafin, sau dubbai a rana, sai manhajar ta datse abin da ya wuce lamba uku bayan ɗigo maimakon ta kai shi ga lamba mafi kusa. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811. Da aka sake lissafin yadda ya kamata, sai ga shi 1098.892.

To, sai mutum ya ce a koma ga lambobi masu ɗigo mana, wato `float` ko `double`. Nan ma akwai tarko, kuma ya fi ɓoyuwa. Mu da goma-goma muke ƙirga, kwamfuta kuwa da biyu-biyu. Bayan ɗigo, abin da take da shi rabi ne, da rabin rabi, da rabin wannan, haka har gurbinta ya cika. Kobo 50 rabin naira ne, kobo 25 rubu'i, waɗannan suna zama daram. Kobo 10 kuwa ba ya haɗuwa daga rabe-raben nan komai yawansu, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a rubutunmu: 0.3333, har takarda ta ƙare. Sai kwamfuta ta ajiye lambar da ta fi kusa. Ba lalacewar na'ura ba ce, haka ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta tsara, kuma kusan kowace waya da kwamfuta ita take bi. Ga abin da Python ke nunawa:

```
>>> 0.1 + 0.2
0.30000000000000004
>>> 4.35 * 100
434.99999999999994
>>> int(4.35 * 100)
434
```

Layin ƙarshe shi ne inda cututtukan biyu suka haɗu. An so a mayar da naira 4.35 zuwa kobo, ninkawar ta gaza kai 435 da ɗan abin da ido ba ya gani, datsewa ta zo ta cinye kobo guda cur. Haka kuma manhajar da ke duba ko abin da aka biya ya yi daidai da bashi tana iya cewa da saura, alhali allo na nuna lambobi iri ɗaya, domin allon lamba biyu kawai yake nunawa bayan ɗigo.

Akanta yakan gane matsalar daga alamarta: jimillar ƙasa ta saɓa wa layukan sama da kobo ɗaya ko biyu, kuma giɓin na girma da yawan ciniki.

Masu rubuta manhajar kuɗi da suka san aikinsu tun farko a kobo suke ajiye komai: naira 4.35 a rubuta ta 435, sai wajen nunawa a sa ɗigo. Wasu kuma suna amfani da nau'in lamba mai ƙirga goma-goma, kamar `Decimal` a Python ko `BigDecimal` a Java. Tarawa da debewa sun zama daidai ke nan, amma rabawa tana nan da ragowarta. Kobo 10,000 a raba uku, kowa 3,333, saura ɗaya. Harajin naira 199 ma kobo 1,492 da rabi ne. A ganina nan ne aikin ya bar hannun injiniya ya koma na masu dukiyar, domin su ya kamata su rubuta ƙa'ida: wa ke ɗaukar kobon da ya rage, kuma rabin kobo sama zai hau ko ƙasa, a kowane layi ko sau ɗaya a jimilla.