Famfon Sola Nawa Zai Ishi Rabin Hekta?

Manomin rani da ya shuka tumatir a rabin hekta yana bukatar ruwa kusan lita 30,000 kullum idan zafi ya kankama. Da yake wani ruwan yana ɓacewa a kwalbati da cikin ƙasa, a ɗauka lita 40,000. Rana kuwa ba ta ba faifan sola cikakken ƙarfi sai kamar awa 5, daga hantsi zuwa bayan azahar. Raba 40,000 gida biyar, famfon da ake nema shi ne mai fitar da lita 8,000 a awa.

Wurin auna tsayi ne aka fi yin kuskure. Ba zurfin rijiya ake aunawa ba, inda ruwa ke tsayawa ne bayan famfo ya jima yana ja, domin ruwan yana sauka. A ce mita 10 ne, tanki yana kan mita 3, gogayyar ruwa cikin bututu ta ci mita 2, jimla 15. Ɗaga lita 8,000 a awa zuwa wannan tsayi na cin wat 330, amma famfo na zubar da kusan rabi, don haka a nemi mai wat 750, da faifai na wat 1,000 saboda ƙurar hunturu.

Lambobin da ke jikin kwali suna ruɗi. Famfo ba ya ba da iyakar ruwansa a iyakar tsayinsa, sai a duba jadawalinsa a ga abin da yake bayarwa a mita 15. A kuma gwada rijiyar tukuna: idan ruwa na fitowa da kumfa yana yankewa, famfon ya fi ƙarfinta.