Lambobi Huɗu a Cikin Baka: Lissafin da Ke Duba Amsarsa da Kansa

Wata uwa ta aiki ɗanta kasuwa sau biyu a mako guda. Ran farko ya sayo mudu 4 na shinkafa da mudu 3 na wake, ya biya naira 18,000. Ran na biyu ya sayo mudu 2 na shinkafa da mudu 2 na wake, ya biya naira 10,000. Farashi bai motsa ba tsakanin ranakun, amma yaron ya manta nawa ne kowane mudu. Farashin nan na misali ne kawai, tambayar kuwa ta gaske ce: za a iya gano kuɗin kowane mudu daga waɗannan lambobi?

Ana iyawa, kuma hanyar da zan nuna ita ce wadda ɗaliban babbar sakandare ke karo da ita a takardar atisayen lissafi, wato matiriks. Matiriks dai lambobi ne da aka jera a layuka aka rufe su da baka. Mai layi biyu a kwance da layi biyu a tsaye shi ake kira biyu-sau-biyu. Sayayyar yaron, idan an zuba ta a haka, ga yadda take:

```
A = ( 4  3 )
    ( 2  2 )
```

Layin kwance na sama sayayyar ranar farko ce, na ƙasa ta rana ta biyu. Layin tsaye na hagu shinkafa ne, na dama wake. Masanin lissafi ɗan Ingila James Joseph Sylvester ne ya raɗa wa wannan jeri sunansa a 1850, abokinsa Arthur Cayley kuma ya tsara ƙa'idojin ninka shi da warware shi a wata maƙala ta 1858. Ƙa'idojin nan su ne har yau ake rubutawa a allo.

Abu na farko da takardar atisaye ke nema shi ne ninka matiriks da wani. A nan ne ɗalibi yakan fara tuntuɓe, domin hankali yana raya masa cewa ya ninka kowace lamba da wadda ke zaune a gurbi irin nata a ɗayan. Ba haka ake yi ba. Ana ɗaukar layin kwance daga na hagu, a haɗa shi da layin tsaye daga na dama: ta farko sau ta farko, ta biyu sau ta biyu, sannan a tara. Nakan ce wa mai koyo ya sa yatsan hagu yana tafiya a kwance, yatsan dama yana gangarowa ƙasa, su taka tare. Mu gwada A da wani matiriks B, mai 1 da 5 a sama, 2 da 0 a ƙasa:

```
AB = ( 4×1 + 3×2   4×5 + 3×0 ) = ( 10  20 )
     ( 2×1 + 2×2   2×5 + 2×0 )   (  6  10 )
```

Ninki takwas ke nan da tari huɗu. Kowace amsa kuma tana da gurbinta: layin kwance na farko da layin tsaye na biyu suna ba da lambar da za ta zauna a sama ta dama, wato 20.

Me ya sa aka zaɓi wannan hanya mai kama da kewaye? Koma wa yaron nan. Kuɗin ranar farko shi ne 4 sau farashin shinkafa, a tara da 3 sau farashin wake. Layin kwance na mudu ya haɗu da layin tsaye na farashi ke nan. Duk mai kanti yana yin wannan lissafi da ka, bai dai san yana da suna a littafi ba.

Akwai wani hali na matiriks da ya saɓa wa abin da muka saba tun firamare. Mun san 3 sau 4 daidai yake da 4 sau 3. A matiriks, in ka sauya wanda ke gaba, galibi amsa ta sauya. Ninka B da A, B yana hagu, za ka sami 14 da 13 a sama, 8 da 6 a ƙasa, abin da ko kama da AB bai yi ba. Saboda haka idan takarda ta ce a nemo AB, ba a yarda a kawo BA ba.

Yanzu ga wanda dukan zancen ya rataya a kansa. A lambobi na yau da kullum, 1 ita ce ba ta canja kowa: 7 sau 1 dai 7 ne. Matiriks ma yana da irin tasa ɗayar, ana rubuta ta da harafin I, malamai suna ce mata aidantiti:

```
I = ( 1  0 )
    ( 0  1 )
```

Ninka A da I ta kowane ɓangare, A zai dawo maka yadda yake. Wannan ma gwaji ne mai sauƙi ga wanda ke shakkar hanyar ninkinsa. Mai ninka gurbi da gurbi zai ga 3 da 2 na kusurwoyi sun zama sifili, ya san tun nan cewa hanyarsa ba daidai ba ce.

Ba a raba matiriks da matiriks. Abin da ake yi a madadin rabawa shi ne a nemo kishiyarsa, wadda ɗalibai ke kira inbas, ana rubuta ta A⁻¹. Kamar yadda 5 sau ɗaya bisa biyar ke ba da 1, haka A sau kishiyarsa ke ba da I. Ma'anar kishiya ke nan gaba ɗaya: ita ce mai warware abin da A ya ƙulla. Ga matiriks mai a da b a sama, c da d a ƙasa, ƙa'idar ita ce:

```
A⁻¹ = 1/(ad − bc) × (  d  −b )
                    ( −c   a )
```

Lambar nan ta ad − bc ita ake kira ditaminan, kuma da ita ake farawa. A misalinmu, 4 sau 2 takwas ne, 3 sau 2 shida, a ɗebe shida daga takwas saura 2. Daga nan sai lambar sama ta hagu da ta ƙasa ta dama su yi musayar gurbi, wato 4 da 2. Sauran biyun kuwa ba sa tashi daga inda suke, alamarsu kawai ke juyawa: 3 ta zama −3, 2 ta zama −2. A ƙarshe a raba kowace lamba da ditaminan:

```
A⁻¹ = 1/2 × (  2  −3 ) = (  1  −1.5 )
            ( −2   4 )   ( −1   2   )
```

Ɗalibai da yawa a nan suke ja layi biyu su wuce tambaya ta gaba. Ni kuwa ina ganin duk wanda ya tsaya nan rabin aiki ya yi, kuma ya bar mafi daɗin rabin. Ba kasafai lissafi ke ba mutum damar sanin ya ci ko ya faɗi tun kafin malami ya ɗauki jan biro ba, amma a nan damar tana hannu, kuma ba ta cin fiye da minti ɗaya:

```
A × A⁻¹ = ( 4×1 + 3×(−1)   4×(−1.5) + 3×2 ) = ( 1  0 )
          ( 2×1 + 2×(−1)   2×(−1.5) + 2×2 )   ( 0  1 )
```

I ta fito, amsa ta tabbata. Ga matiriks irin wannan, mai yawan layin kwance daidai da na tsaye, idan gwajin ya ba da I ta ɓangare ɗaya, to ɗaya ɓangaren ma I zai bayar, don haka gwaji guda ya wadatar sai in takarda ta nemi biyun.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ko gwajin bai ba da I ba, siffar abin da ya fito takan nuna inda ɓarakar take. A ce ɗalibi ya sami sifili a kusurwoyi biyu yadda ya kamata, amma 2 da 2 a gurbin 1 da 1. Musayarsa daidai ce, alamominsa daidai, rabawa da ditaminan kawai ya manta. 2 ɗin da yake gani ita ce ditaminan ɗin da kanta. In kuwa −1 da −1 ya samu, to ya yi ɗebewar a juye, ya cire takwas daga shida. Wanda ya tara maimakon ya ɗebe, ya sami 14 a matsayin ditaminan, zai ga ɗaya bisa bakwai a gurbin 1. A duk waɗannan ukun sifilan suna nan lafiya, kuma hakan na nuna matsalar tana cikin lambar da aka raba da ita.

Idan sifilan ne suka ɓace, to a duba cikin bakan. Wanda ya manta juya alamomi zai sami 7 da 12 a sama, 4 da 7 a ƙasa: lambobi sun kumbura domin babu ragin da zai soke su. Wanda ya juya alamomi amma bai yi musayar 4 da 2 ba, zai sami 5 da −3 a sama, 2 da −1 a ƙasa. Shawara ɗaya da ke rage kuskure sosai ita ce a bar rabin nan a wajen baka har sai an gama ninkawa da cikakkun lambobi, sannan a raba. Hakan ya fi amfani idan ditaminan 7 ce ko 13, inda ɗigo-ɗigon lambobi ba sa ƙarewa, wanda ya taƙaita su kuma sai ya ƙare da 0.99 maimakon 1.

To, mu biya wa uwar yaron buƙatarta. A ninka kishiyar da kuɗin ranakun biyu, kishiyar tana hagu. Layin sama: 1 sau 18,000, a ɗebe 1.5 sau 10,000, wato 15,000, saura naira 3,000, kuɗin mudun shinkafa. Layin ƙasa: 2 sau 10,000 ya ba da 20,000, a ɗebe 18,000, saura naira 2,000, kuɗin mudun wake. A mayar da su cikin sayayyar farko: mudu 4 na shinkafa 12,000, mudu 3 na wake 6,000, jimla 18,000 cif.

Sai dai ba kowane matiriks ne ke da kishiya ba, kuma mai shirya takardar atisaye da ya san aikinsa yakan saka irin wannan guda ɗaya a tsakiya. Da a ce yaron ya sayo mudu 4 da mudu 2 ran farko, sannan mudu 2 da mudu 1 ran na biyu, ditaminan za ta zama 4 sau 1 a ɗebe 2 sau 2, wato sifili. Ba a raba komai da sifili, saboda haka ƙa'idar ta tsaya cak. Dalilin a fili yake idan aka dubi kasuwar: sayayya ta biyu rabin ta farko ce daidai, kuɗinta ma rabi ne, ba ta ƙara mana labarin komai ba. In an biya 16,000 da 8,000, shinkafa tana iya zama 3,000 wake 2,000, tana kuma iya zama 2,500 wake 3,000, duka biyun su dace. Ɗalibin da ya gamu da irin wannan, abin da ake so ya rubuta shi ne lissafin ditaminan ɗin a fili, ya nuna ta zama sifili, sannan ya faɗa cewa matiriks ɗin ba shi da kishiya.