Riyal biyar kan kowane shafi: me ke sa yaro ya riƙe karatu?

Wani ƙanena da ke zaune a Hindawiyya, nan Makka, ya kawo mini kukan ɗansa ɗan aji huɗu. Yaron yana zuwa hadda masallacin unguwa bayan la'asar, da kansa, ba wanda ke kora shi. Sai uban ya ce bari ya ƙara masa ƙaimi: riyal biyar kan kowane shafi. Wata biyu abin ya yi kyau. Da aiki ya tsaya wa uban, kuɗi suka yanke, sai yaro ya fara tambaya, "Baba, in na kawo shafin nawa za ka ba ni?" Ni injiniya ne, ba malamin makaranta ba, amma wannan matsala an daɗe da bincikenta.

A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu sun yi gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a Amirka. Suka zaɓi yaran da dama can suna son zane, suka kasa su uku. Kashi na farko an yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Na biyu an ba su takardar ba zato bayan sun gama. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman ba tare da alkawari ba. Waɗanda aka yi wa alkawari lokacin da suka ɓata kan zane bai wuce kusan rabin na sauran ba. Ashe ba kyautar ce ta yi ɓarna ba, sharaɗin ne: abin da yaro ke yi don daɗi ya koma aikin lada.

Edward Deci da Richard Ryan sun bayyana dalilin a littafinsu na 1985. A ra'ayinsu, ƙwazon da ke fitowa daga zuciyar yaro yana tsaye ne kan duwatsun murhu uku: ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya kuma ji akwai waɗanda yake nasu. Riyal biyar ɗin nan dutse na farko ta ture, domin yanzu aljihun uba ne ke yanke ranar da za a yi hadda.

Abin da muka yi ba mai wuya ba ne. Uban ya daina ciniki, ya bar wa yaron zaɓin lokacin bita, bayan asuba ko bayan magariba. Bitar dole ce, lokacin ne nasa. Aka rage shafi zuwa layi biyar a rana don ya riƙa kawowa ba gargada. Uban kuma ya zauna yana sauraro, yana faɗin takamaiman abin da ya gyaru, kamar "yau maddin nan ya fita daidai", maimakon "kai haziƙi ne". Makonnin farko karatun ma baya ya ƙara yi, kuma a sa ran haka. Alamar da za a duba ita ce: yana buɗe Alƙur'ani ko littafin lissafi in ba wanda ke kallonsa? Yana tambayar ma'ana, ko tambayarsa kullum "zai fito a jarrabawa?"

Kafin a kai nan, a duba matakan buƙatu na Abraham Maslow, na 1943: ci da barci, sai kwanciyar hankali, sai samun shiga cikin jama'a, sai mutunci, sannan cikar buri. Mu da muka san zaman Makka mun san yadda dare ke zama rana, yaro ya kai ƙarfe ɗaya ido biyu alhali da sassafe zai shiga aji. Wannan ba malalaci ba ne, barci yake ji. Haka wanda ke jin iyaye kullum suna zancen iƙama ta kusa ƙarewa, ko wanda ake tsokana da "Takaruni" a filin wasa har ya daina Hausa a gaban abokai. Riyal ɗari ba za ta sa irin wannan ya ɗaga hannu a aji ba.

Sai dai kada a ɗauki tsarin Maslow kamar matakalar bene. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa sai an gama da mataki ɗaya ake hawa na gaba ba, kuma hoton dalar nan da ake dangana masa ba shi ya zana ba. Almajiran tsangaya nawa suka sauke da yunwa a ciki?

Kyauta ma tana da wurinta. Inda yaro ba ya son abu tun farko, kamar haddar jadawalin sau, ɗan alkawari na iya tayar da injin, tunda babu sha'awar da za a kashe. Ɗan ƙanen nawa ranar da ya kammala izu biyar an kai shi cin albaik, ba a gaya masa ba sai da suka hau mota.